Ramar Dikko Mai Inji

Me ya kashe Malam Adamu a gangaren nan na bayan garin Ƙofa? Birkin da ya cinye ne, ko injin ban ruwan da aka ɗaure a bayan babur, ko nauyin mutumin da ke kai, ko kuwa kwana ne ya ƙare kawai? Mai ba da wannan labari ya juya tambayar ya sake juyawa, bai samo mata amsa ba. Dikko kuwa, wanda shi ne a kan babur ɗin, ya samo tasa tun kafin a ɗauke gawar daga bakin titi, kuma a bakin wani ɗan kallo ya tsince ta.

Dikko makanikin injin ban ruwa ne a Tiga. Daga Bagauda har ƙauyukan Kiru, duk manomin da injinsa ya yi tari ya ɗauke, shi yake nema. Shekararsa arba'in da shida. Mutum ne jibgege tun yana saurayi, irin wanda in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen su gyara zama. Ran da abin ya faru yana dawowa daga wata gona da inji a bayansa, tsoho Malam Adamu ya fito daga cikin dawa yana jan akuya, ya shiga titi bai duba ba. Dikko ya taka birki, ya matse na hannu, babur ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi masa magana ba. Akuyar ta tsira. Tsohon ya cika kafin a sami mota.

Cikin mutanen da suka taru, wani da Dikko bai ma ga fuskarsa ba ya ce da na kusa da shi, ba da ƙarfi ba: "Ina birki zai riƙe wannan ƙaton?"

An je wajen 'yan sanda, an dawo. Ridwan, babban ɗan mamacin, ya tsaya gaban dagaci da liman ya ce sun yafe, duniya da lahira, mahaifinsu ma idonsa ya daɗe da yin rauni. Aka yi addu'a aka watse. Dikko ya koma gida, matarsa Yalwa ta ajiye masa tuwo, ya buɗe kwanon ya duba ya rufe.

Wata guda ya yi a haka, yana tsakurar abinci kamar mai jinya. Sannan ya je wajen Malam Muhammadu, wanda yake ɗaukar karatu a zaurensa duk Alhamis, ya tambayi abin da ke kansa. Malam ya ce yafiyar iyali ta sauke haƙƙinsu, saura na Allah: kisan kuskure kaffararsa azumin wata biyu ne a jere, tunda babu bawan da za a 'yanta a wannan zamani. Suka duba wata, suka ga babu Sallar da za ta faɗo a tsakiya. Dikko ya ɗaura niyya a wannan makon.

Abin da Malam ya faɗa masa ke nan, bai ƙara ba. Sauran Dikko ne ya ƙara wa kansa. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya ga cewa mutumin da ya wuni da yunwa sannan ya cika ciki da shinkafa da kifi da magariba bai biya komai ba, lokacin cin abinci kawai ya sauya. Kuma in jikin nan ne ya rinjayi birki, to jikin ne ya kamata ya biya. Don haka ya tsara: dabino uku da ruwa a buɗa baki, kofin koko ba suga bayan isha'i, kofin koko da asuba. Mai kuwa, ko na gyaɗa ko na shanu ko man ja, ya haramta wa kansa gaba ɗaya. Nama da kifi da wake ma haka, don a ganinsa duk abincin jin daɗi ne.

Yalwa ta yi magana sau biyu. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin kaffarar da ta hana miya ba. Ya ce ba da ita aka yi ba. Daga nan ta bar maganar, amma ba ta daina zuba masa nasa kwanon ba. Kullum ta ajiye, kullum ta ɗauke shi yadda ta kawo.

A bakin kasuwa akwai rumfar Hamma, ɗan ƙanwar mahaifin Dikko, abokin wasansa tun suna yara. Hamma masara yake saye daga Tudun Wada da Doguwa, kuma yana da babban sikeli na ƙasa da ake aza buhu. Shekara da shekaru yana roƙon Dikko ya hau a gani, yana cewa in sikelin ya karye ya yafe. Sau ɗaya Dikko ya taɓa yarda, bara, allura ta tsaya a kilo ɗari da sha shida, Hamma ya yi wata guda yana kiransa Buhu da Ɗori. Yanzu sai ga Dikko da kansa yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya cire takalmi ya hau ba tare da an roƙe shi ba. Ranar da ya fara azumi ɗari da tara ne. Bayan mako biyu, ɗari da uku. Bayan wata, casa'in da bakwai.

Da farko Hamma dariya yake yi. "Ɗorin ya tafi, buhun ma an fara ɗiba. Wa ke satar mana kai, Dikko? A faɗa wa Yalwa ta sa kwaɗo a rumbu."

Mutane ma da farko yabo suke yi. Wani ya ce ya koma saurayi. Wani ya tambaye shi ko wani shayi yake sha, ya ba shi sunansa. Gwiwarsa da ta daɗe tana damunsa ta yi sauƙi, minshari ya ragu. Dikko ya ɗauki wannan a matsayin alamar yana kan hanya.

Jiki kuwa yana nasa lissafin. In abinci ya yanke masa haka kwatsam, ba kitse kaɗai yake ƙonawa ba, har tsoka yake warwarewa ya ci, musamman in ba a ba shi wake ko nama ko kifi ba. Dikko bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne injin da yake ɗagawa shi kaɗai ya aza a babur, yanzu sai ya nemi manomi ya kama masa. Igiyar da yake fizga sau ɗaya inji ya tashi, yanzu sai ya ja sau huɗu, sau biyar, ya tsaya yana haki, mai gona ya ce kawo in gwada. In ya ɗago daga sujada sai ya dafa ƙasa da hannu biyu. In ya miƙe tsaye da sauri sai duhu ya rufe masa ido na ɗan lokaci. Sanyi bai shigo ba tukuna, mutane na kwana a waje, shi yana neman bargo. Bayan gida sai ya yi kwana uku, huɗu. Fatar damtsensa ta saki tana lilo kamar hannun rigar da aka ara.

A kwana na arba'in ya je aski. Wanzamin ya jiƙa masa kai, ya shafa, sai ya tsaya yana duba tafin hannunsa. Ya ce, Malam Dikko, ai kan naka ya riga ni aiki. Gashi ne manne a hannunsa, ba a sa aska ba. Da ya taje gemun, wasu suka biyo matajin. A gida Yalwa ta daɗe tana kakkaɓe su daga matashi ba ta faɗa ba.

Daga nan maganar gari ta juya. Masu cewa ya koma saurayi suka koma gaishe shi da ya jiki. Wasu suka ce ciwon suga ne, wasu suka ambaci abin da ya fi haka a ɓoye. Wata tsohuwa a unguwarsu ta ce alhakin rai ne ke cinsa. Da maganar ta dawo kunnen Dikko bai ji haushi ba. In za a faɗi gaskiya, ita ce ta fi yi masa daɗi a cikinsu. Wadda maganar ta ci ita ce Yalwa, don a gidan suna an tambaye ta, cikin dariya, ko tukunyarta ce ta fashe.

Juma'ar da ta biyo, allura ta tsaya a casa'in da ɗaya. Hamma bai yi wasa ba. Ya sauke Dikko da hannunsa, ya ja buhu ya aza a kan sikelin, ya ce daga yau na masara ne kaɗai.

Labari ya kai Ƙofa, garin mamacin. A kwana na arba'in da bakwai, gab da magariba, Ridwan ya yi sallama a ƙofar gida da kwanuka biyu ɗaure a ɗankwali. Ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko. Ta ji an ce mutumin nan yana kashe kansa da yunwa saboda tsohonta, ta ce a faɗa masa su rai ɗaya suka rasa, ba sa neman na biyu. Da hannunta ta yi wainar, ta sa aka yanka zabo aka soya, ta kwarara man shanu a miyar. Ta ce kada Ridwan ya dawo sai ya ga an ci.

Abincin kowa Dikko zai iya mayarwa, ban da na wannan gida. Aka kira salla, suka yi, suka zauna a zaure. Ya ci waina ɗaya don kunya, ta biyu don Ridwan yana kallo, daga nan kuma yunwar kwana arba'in da bakwai ta karɓi aikin. Sai da ya ga ƙasan kwano. Ridwan ya yi murna, ya ɗaure kwanukansa ya tafi.

Ba a yi awa ɗaya ba ciwon ya zo. A ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya fara, kamar an soka taɓarya an danna, ya ratsa ta baya ya hau har allon kafaɗa. Ba murɗa ba ce mai zuwa ta tafi. Tsayawa ya yi wuri ɗaya yana ƙaruwa. Ya kwanta, ya tashi, ya durƙusa, ya jingina da bango, babu yanayin da ya ba shi sauƙi. Gumi ya jiƙa rigarsa. Ya yi amai sau biyu, ciwon bai ragu ba. Yalwa ta jiƙa kanwa, ya sha, a banza. Sai bayan kamar awa uku ya sake shi da kansa, ya bar shi kwance kamar wanki.

Abin da ya fara faɗa da ya sami baki shi ne: "Kin gani ko? Bai halatta gare ni ba."

Ita kuwa ta riga ta aika wa Hamma. Da safe ya zo da motar da ke ɗaukar masa kaya, bai tambayi ra'ayin kowa ba, ya ce Dikko ya shiga ko a aza shi kamar buhu, yanzu ai mutum biyu sun isa. Suka tafi Tudun Wada, wani asibiti da ke da na'urar hoton ciki. Da yake yana azumi, cikinsa babu komai, aka yi hoton nan take.

Likitar mace ce mai suna Amatullah, ba ta kai shekarun ƙanwarsa ba. Ta danna masa ciki, ta duba idonsa ko ya yi rawaya, ta auna zafin jikinsa, ta sa aka ɗebi jini. Sannan ta juyo da allon na'urar ta nuna masa wata 'yar jaka baƙa da wasu fararen ɗigo a kwance a ƙasanta. Ta tambaye shi ko ya san maɗaciya, wadda mahauta ke cirewa a jikin hanta a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Ya ce ya sani. Ta ce to tasa ce wannan, waɗannan kuma tsakuwa ne.

Ta tambayi nauyinsa na da da na yanzu, da tsawon lokacin. Hamma ne ya ba da amsa, har da kwanan wata. Kilo ashirin da biyar cikin mako goma sha ɗaya. Ta ajiye biro. Ta ce wanda ake so ya rage ƙiba, rabin kilo zuwa kilo ɗaya ake nema masa a mako, shi kuwa ya ninka wannan fiye da sau biyu, kuma ta hanya mafi muni.

Ta yi masa bayani da Hausa sosai. In kitsen jiki yana narkewa da gaggawa, hanta takan tura maiƙo mai yawa cikin ruwan maɗaciya, ruwan ya yi kauri. Ita kuma maɗaciya ba ta matse kanta ta zubar da ruwan sai an ci abu mai ɗan mai. Shi ya hana ta mai gaba ɗaya, ya kuma bar ta awanni masu yawa ba abinci, sai ruwan ya kwanta ya daskare, ya zama laka, lakar ta zama tsakuwa. Jiya da man shanu ya sauka, jakar ta matse da ƙarfi bayan dogon hutu, tsakuwa ɗaya ta toshe bakin. Ciwon da ya ji ke nan. Da ta koma ciki, ya sake shi.

Dikko ya ce ai ya gane, kamar tiyon da aka bari ba a ja ruwa ba. Ta ce kusan haka.

Gashin, in ji ta, ba wani ciwo ba ne daban. Jiki in ya shiga yunwa yakan dakatar da abin da ba dole ba, gashi ya daina girma, sai bayan wata biyu ko uku ya fara zuba. In ya koma cin abinci zai dawo, amma sai ya yi haƙurin watanni. Ƙarfin ma zai dawo in ya ci wake da kifi da ƙwai ya kuma ci gaba da motsa jiki, sai dai tsoka ta fi saurin tafiya a kan dawowa. Tsakuwar ce ba ta da tabbas. Wasu sukan zauna shiru, wasu su dawo da ciwon, in ya yawaita sai a cire jakar gaba ɗaya a Kano. In ya ga zazzaɓi, ko idonsa ya yi rawaya, ko ciwon ya wuce awa biyar bai sake shi ba, kada ya jira gari ya waye.

Sannan ta faɗi abin da take so. Ya ajiye azumin yanzu. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, ya fara da mai sauƙi, kada ya afka wa abinci lokaci ɗaya. Mai kaɗan a miya, ban da soye-soye. Ruwa da yawa, don jininsa ya yi ƙasa, shi ya sa yake ganin duhu in ya miƙe. Kuma kada ya hau babur sai jirin ya tafi.

Dikko ya saurara har ta gama. Ya yi godiya. Ya ce saura kwana goma sha biyu.

Likitar ta ce: "Baba, ba roƙonka nake yi ba, abin da na gani nake faɗa maka."

Ya ce ya ji, Allah ya saka da alheri. Amma wanda ya yi arba'in da takwas ba zai zubar ya koma ɗaya ba.

A mota Hamma ya yi ta faɗa har Tiga. Ya ce tun suna yara ya san Dikko da taurin kai, amma da ƙiba abin ya fi kyan gani. Bai kai shi gida ba, ya tsaya da motar a ƙofar zauren Malam Muhammadu.

Malam ya sallami ɗalibansa, ya ji bayani daga bakin Hamma, sannan daga bakin Dikko. Ya ce da farko dai babu maganar komawa ɗaya. Wanda rashin lafiya ta sa ya sha a cikin kaffara, jerin bai yanke ba. In ya warke sai ya ɗora daga inda ya tsaya, muddin bai yi jinkiri ba bayan samun sauƙi. Ya jawo littafi ya nuna masa wurin da yatsa. Na biyu kuma, ya tambaya, wa ya ce masa a daina cin miya? Dikko ya ce babu. Malam ya ce shi azumi ya faɗa masa, daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Abin da ke tsakanin magariba da asuba ba a nemi komai a cikinsa ba.

Sannan Dikko ya faɗi abin da bai faɗa wa kowa ba, maganar ɗan kallon nan. Ya ce, Allah gafarta Malam, in da ni siriri ne, da babur ɗin ya tsaya?

Malam ya ce bai sani ba. Ya ce shi ba makaniki ba ne, kuma ko makanikin ma bai sani ba. "Abin da na sani, an yanka maka abin da za ka biya. Kai ka ga ya yi kaɗan, ka ƙara. To wanda ya yanka ɗin, kana ganin bai iya lissafi ba ne?"

Dikko ya ce astagfirullah. Ya yi sallama ya tafi gida. Da magariba ya ci dabino uku. Da asuba ya sha koko ya ɗaura niyya. Ba wai bai yarda da Malam ba ne. Ya yarda da kowace kalma. Sai dai ya ga sauƙin da aka nuna masa ya yi kama da ƙofar da aka buɗe wa wani, kuma kwana goma sha biyu ba su da yawa.

Ya yi kwana huɗu a haka, yawanci a kwance. A na biyar wani manomi ya kira daga wajen Bagauda, ya ce ya dasa tumatir, inji ya ƙi tashi, in aka kwana biyu shukar ta tafi. Mutumin ya daɗe yana ba shi aiki. Dikko ya ɗauki jakar sifana. Yalwa tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ga ya turo babur, ta ce likita fa ta hana. Ya ce nan da nan ne.

Aikin bai yi wuya ba, filogi ne da datti a kafireta. Amma sai da mai gonar ya kwance masa noti biyu, kuma shi ya ja igiyar. Dikko ya yi kusan awa ɗaya a tsugune cikin rana. Da ya miƙe duhun ya zo, ya dafa injin har ya wuce, ya ce ba komai.

A hanyar dawowa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana tafiya a hankali kamar yadda ya saba tun bayan abin da ya faru. Titi a miƙe yake, babu gangare, babu kaya a bayansa. Ya tuna ya ga wata bishiyar mangwaro a gaba, da mata huɗu ko biyar zaune a inuwarta a ɗaya hannun, da ƙoren nono a gabansu. Abin da ya sake sani shi ne yana ɗaya hannun. Ya tsallaka titin gaba ɗaya bai sani ba. Babur yana gangarawa kan matan, yana ganinsu kamar ta cikin ruwa, yana ce wa ƙafarsa ta taka, ƙafar tana jinkiri. Yashin gefen titi ne ya riƙe tayar gaba. Babur ya kwanta, shi ma ya kwanta, taku uku daga ƙwaryar farko.

Babu wanda ya ji ciwo. Matan suka miƙe suna salati, ɗaya ta janye ƙwaryarta tana faɗa da Fulatanci. Wata dattijuwa a cikinsu ta leƙa fuskarsa ta ce da sauran, wannan ba shi da lafiya, ku bar shi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga babur ɗin, ya kasa. Mata biyu ne suka ɗaga masa.

Ya zauna a gindin mangwaron ya daɗe. Birkin sabo ne, shi ya sa shi da hannunsa bayan rasuwar Malam Adamu. Nauyin da ake magana kuma ya tafi, kilo ashirin da biyar da wani abu. Ya duba taku ukun nan da ke tsakanin tayar da inda dattijuwar take zaune. Bai kai ga wata amsa ba game da gangaren Ƙofa. Game da yau kuwa babu abin tambaya.

Ya kira Hamma a waya ya ce ya turo wanda zai ɗauki babur, shi zai hau mota. Hamma ya fara tambaya, Dikko ya ce zai yi masa bayani.

Ya isa gida kafin azahar. Yalwa ta ga ƙasa a gefen rigarsa da gwiwar wandonsa, ta ga babu babur. Ya zauna a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya jingina da bango. Ya tambaye ta ko akwai sauran koko. Ta ce akwai gasara, yanzu za ta dama. Ya ce ta ɗora wake ma, ta dafa shi ya yi laushi, ta sa mai cokali ɗaya.

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Na magariba?"

"Na yanzu."

Ta shiga kicin. Kafin ruwan ya tafasa ta kawo masa kofin ruwa daga randa ta ajiye a gabansa, ta koma. Rana tana tsakiyar sama, inuwar katanga ba ta fi taƙi ɗaya ba. Dikko ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya sha.